Yadda za ka ɗinke silaid da silaid in jawabinka ya warwatse

Da farko ka buɗe Slide Sorter a PowerPoint, ka ga silaid ɗin duka a jere. Kowanne ka rubuta masa jimla ɗaya tak, wato abin da yake son faɗi, wanda ya ƙi shiga jimla ɗaya to shi ne mai matsalar.

Sai ka ɗauki biyun da ke maƙwabtaka ka tambayi kanka, me ya haɗa su? Dalili ne, ko saɓani, ko misali? Amsar ce za ta ba ka kalmar haɗin, "shi ya sa", "amma fa", "ga misali".

A ce silaid na 4 ya nuna ciniki ya ragu, na 5 kuma korafin kwastomomi ne. Kar ka ce "sai silaid na gaba", wannan ai sanarwa ce kawai. Ka ce "cinikin ya ragu kam, amma me ya kori mutanen? Ga abin da suka faɗa da bakinsu", sannan ka danna. Maganar ta riga dannawa, don in hoton ya fito idanu sun tafi kansa ba mai jin ka.

Ka ajiye jimlar a Notes na silaid na 4. In ka yi ta fama haɗin ya ƙi samuwa, jerin ne ba daidai ba, ka matsar da silaid ɗin ko ka cire shi.