Lissafin kwanakin jariri: kurakuran da sababbin ma'aikatan lafiya suke ta maimaitawa

Duk ɗalibin da aka turo mana ɗakin awon yara sai ya yi tambayar nan: me ya sa katin rigakafi ya fara da mako 6, mako 10, mako 14, sai kuma ya koma wata 6, wata 9, wata 15? Dalilin ba mai wuya ba ne. A watanni ukun farko jariri yana sauyawa da saurin da wata ya yi masa faɗi a matsayin ma'auni. A kwanakin farko nauyinsa yana raguwa, har kusan kashi 10 cikin 100, ya maido shi wajen mako biyu, daga nan ya riƙa ƙara giram 150 zuwa 200 ko sama da haka kowane mako. Jaririn kwana 10 da na kwana 28 duk "ɗan wata ɗaya" ne a bakin mutane, amma abin da ake nema a jikinsu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa jadawalin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 yake da teburin nauyi mako-mako daga haihuwa zuwa mako 13, sannan wata-wata. Bayan nan girma ya lafa, bambancin mako ɗaya ba ya sauya hukunci sosai, kuma ba uwar da za ta iya riƙe "mako 39" a kanta.

Matsalar tana wurin haɗa lissafin biyu, kuma a nan ne nake ganin ɓarna.

Ta farko ita ce ɗaukar wata a matsayin mako huɗu. Ba haka ba ne. Shekara mako 52 ce, wata 12, saboda haka wata uku mako 13 ne, wata shida mako 26, wata tara mako 39. A ɗauki yaron da aka haifa ranar 3 ga Maris. Allurarsa ta mako 6 za ta faɗo 14 ga Afrilu, ta mako 10 ranar 12 ga Mayu, ta mako 14 ranar 9 ga Yuni. Duk a rana ɗaya ta mako suke faɗowa: in ranar Talata aka haife shi, duka ukun Talata ne. Allurar ƙyanda kuwa ta wata tara ce, wato 3 ga Disamba. Wanda ya ce tara sau huɗu 36, ya ƙirga mako 36, zai rubuta wa uwa 10 ga Nuwamba, ya kira ta fiye da mako uku kafin lokaci. An ajiye allurar ƙyanda a wata tara ne domin garkuwar da yaro ya samo daga uwarsa tana iya rage ƙarfin allurar in an yi ta da wuri. Sai ko dai a yi wa yaro allura kafin lokacinta, ko a kori uwar da ta biya kuɗin babur daga ƙauye a ce ta dawo, kuma da yawa ba sa dawowa. Ni abin da nake yi: in mako ne, na ɗora yatsa a kan kalanda na gangara layi-layi. In wata ne, na riƙe lambar ranar haihuwa na juya shafi. Ba na taɓa ninkawa da huɗu.

Ta biyu ita ce take tayar mini da hankali, don tana iya cin rai. Uwa ta ce "watansa biyu", ma'aikaci ya rubuta 2 ya wuce. Iyayenmu mata da yawa da tsayuwar wata suke ƙirga. Yaron da aka haifa 25 ga Sha'aban, in an kai 5 ga Shawwal ya ga tsayuwar wata biyu, uwarsa kuma gaskiya ta faɗa bisa lissafinta, amma bai wuce kwana 40 a duniya ba. Littafin da muke duba yara marasa lafiya da shi ya raba su gida biyu daidai a kan wannan iyaka: jariri ƙasa da wata biyu daban, yaro daga wata biyu zuwa shekara biyar daban. Saurin numfashi a ƙasa da wata biyu yana farawa daga 60 a minti ɗaya, daga wata biyu zuwa shekara kuma daga 50. Babban abin kuma shi ne zazzaɓi. Jaririn da bai cika wata biyu ba in jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙasa da 35.5, ko ya ƙi kama nono, ba na a ba shi maganin ruwa a sallame shi ba ne. Na turawa babban asibiti ne nan take.

Na taɓa karɓar aiki na tarar an sallami irin wannan jariri da safe, da kwalbar farasitamol, an rubuta masa wata biyu. Da magariba kakarsa ta dawo da shi a naɗe cikin zani, ya daina tsotso, maɗigarsa ta kumbura tana bugawa. Na ce, "Iya, yaushe aka yi suna?" Ta ce ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi. Na ce, "Uwar ta yi arba'in?" Ta ce, "Ina fa 'yar nan, har yanzu tana wanka." Tambaya biyu ke nan, ba ta ci minti ɗaya ba. Ya kwana da yawa a gadon asibiti yana shan allurai kafin Allah ya tashi kafaɗarsa. Don Allah ku daina rubuta lambar da ba ku bincika ba. Kun yi karatu ne domin ku san abin da za ku tambaya. In babu kati, ku tambayi ranar suna ku cire kwana bakwai, ku tambaya ko an yi arba'in. Arba'in ɗin ma tana taimaka mini wajen rigakafi: mako 6 kwana 42 ne, sai na ce wa mai jego, "Kwana biyu bayan arba'in ki kawo shi." Ba ta mantawa.

Sai bakwaini, wanda shi lissafi biyu gare shi. Cikakken ciki ana auna shi da mako 40. Wanda aka haifa a mako 32 ya riga lokacinsa da mako 8. In ya kai mako 16 da haihuwa, wajen duba nauyinsa da murmushi da riƙe wuya, a cire takwas ɗin, a auna shi da ɗan mako 8. Ana yin wannan ragi har wajen shekara biyu. Na sha ganin an tsorata uwa an ce ɗanta ba ya ci gaba, alhali ragin ne ba a yi ba. Amma rigakafi ba ruwansa da ragi: daga ranar haihuwa ake ƙirgawa, mako 6 mako 6 ne, don shi ya ma fi kowa buƙatar kariyar. Sababbi sukan juya abin, su jinkirta allura "har ya yi ƙwari".

Sauran ƙanana ne. In uwa ta makara, ta zo allurar farko a mako 9, ta biyu ba a mako 10 take ba, sai an bar mako huɗu tsakani, wato mako 13. In ta tsallake ɗaya, ba a komawa farko, a ci gaba daga inda aka tsaya. Nono zalla har wata shida ne cikakku, ba mako 24 ba. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina daga wata uku yake farawa, kada a ba ɗan mako 10 don ya yi ɓul-ɓul. Kuma lamba ba ta tafiya ita kaɗai a takarda: wanda ya rubuta "6" kawai, mai karɓar aiki bayansa ba zai san kwana ba ne, mako ne ko wata, don haka a rubuta kalmar a gefen lambar, da cikakkiyar ranar haihuwa a saman shafi.