Kurakuran da masu ba kamfanoni shawara suka fi yi a LinkedIn wajen neman kwastoma

Ni aikina shi ne gyara wa masana'antu lissafin sito, wato abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya ɓace a tsakani, kuma yawancin waɗanda nake wa aiki suna Kano ne, Sharada da Bompai da Challawa. Na yi kusan shekara guda ina fostin a LinkedIn babu ko kwangila ɗaya da ta fito daga can, sai da na zauna na duba su waye ma suke danna min layik ɗin nan, sai na ga abokan karatuna ne da 'yan uwana masu irin sana'ata da kuma matasa masu neman aiki. Babu manajan masana'anta ko ɗaya. To wannan shi ne tushen matsalar, kuma sauran kurakuran duk daga nan suke tsirowa: mutum yana ta magana amma mai sa hannu a cek ba ya wajen.

Bari in fara da furofayil tunda nan kowa yake fara leƙawa. Da yawanmu mun rubuta shi kamar takardar neman aiki, digiri kaza, satifiket kaza, na yi aiki a wuri kaza, wasu ma har da koren zoben nan na Open to Work a jikin hoto. Ɗan uwa idan kai mai ba da shawara ne ka cire zoben nan yau, domin shi yana gaya wa mutane albashi kake nema, kuma manajan da ya gan shi zai ɗauke ka a matsayin wanda zai tura wa ofishin ɗaukar ma'aikata, ba zai zauna da kai a yi cinikin aiki ba. Akwai wajen da aka ware na Services, nan ya kamata ka zuba abin da kake yi. Sannan layin da ke ƙarƙashin sunanka, Headline, yana ɗaukar haruffa 220, kuma shi ne yake bin ka duk inda ka yi kwament ko ka tura gayyata, amma farkonsa kaɗai ake gani a waya. Nawa a da cewa yake ni ƙwararren mai ba da shawara ne kan harkar kasuwanci, wanda gaskiya bai gaya wa kowa komai ba. Na mayar da shi ya zama ina taimaka wa masana'antun shinkafa da na roba su gano inda kaya ke zurarewa tsakanin sito da geti. Da Turanci na rubuta tunda da shi aka fi hulɗa a can, amma ma'anar kenan. Wanda buhunansa ke ɓacewa yana karantawa ya san da shi ake.

Wasu suna tsoron haka, wai idan na ce shinkafa da roba kawai ai na kori sauran. Ni dai abin da na gani shi ne wanda ya ce yana yin komai ba a tuna shi idan matsala ta taso, amma wanda aka sani da abu ɗaya har mai kamfanin fata zai kira shi ya ce wannan abin da kake wa 'yan shinkafa zai yiwu a wajena kuwa?

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a kai, wato wa kake nema. A Kano, kuma na san haka abin yake a garuruwa da yawa, Alhajin da ya mallaki masana'anta sau da yawa ba ya LinkedIn, ko kuma an buɗe masa shekaru da suka wuce bai sake shiga ba. Mutane suna ɓata wata da watanni suna tura masa saƙo suna jin haushi wai ya yi girman kai, alhali bai ma gani ba. Waɗanda suke can da gaske su ne janar manaja, akanta, mai kula da sayen kaya, ko ɗan Alhajin da ya dawo daga karatu aka ba shi kujerar darakta. Gane wanda ke shiga ba wuya, ka buɗe furofayil ɗinsa ka duba Activity, idan ka ga ya yi kwament ko fostin a 'yan makonnin nan to yana nan, idan kuwa wajen fayau yake ka wuce kawai ka nemi wani a kamfanin.

Yadda na yi shi ne na ɗauki littafi na rubuta kamfanoni 30 da na san girmansu ya kai su biya kuɗin aikina, na shiga shafin kowanne na danna People, na fitar da mutum biyu a kowane kamfani, ɗaya wanda matsalar ke ci masa tuwo a ƙwarya kullum kamar akanta, ɗaya kuma wanda zai iya cewa a biya. Mutum 60 kenan. Na raba su 15 a kowane mako, wata ɗaya na gama zagaye. Wasu kamfanonin ma ba su da shafi, sai na rubuta sunan kamfanin a wajen bincike na tace da sunan gari. Ban biya kuɗin Sales Navigator ba a lokacin, wato tsarin binciken kwastoma da LinkedIn ke sayarwa, kuma ban ga dalili ba, mutum 60 ba sa buƙatar wannan, sai lissafinka ya kai ɗaruruwa a jihohi daban-daban sannan za ka ci moriyarsa.

Akasin wannan shi ne masu danna Connect ga duk wanda suka gani, har wasu su saka manhajojin da ke turawa da kansu. LinkedIn yana da iyaka ta mako, wajen gayyata ɗari, kuma idan mutane suka yi ta ƙin karɓa suna nuna ba su san ka ba za a iya taƙaita maka akawun, su kuma manhajojin nan dokar dandalin ta hana su. Wani abu da mutane ba su sani ba, idan ka janye gayyatar da ka tura sai ka jira har mako uku kafin ka iya sake tura wa mutumin, don haka kar ka yi gaggawar turawa ga mutum mai muhimmanci kafin ka shirya.

Shirin kuwa shi ne ya fara ganin sunanka tukuna. Ka danna Follow, idan ya yi fostin ka yi kwament mai ma'ana. Ba irin "Masha Allah, Allah ya ƙara ɗaukaka" kaɗai ba, addu'a abu ne mai kyau kuma ka yi ta, amma mutum hamsin sun rubuta irinta, ka ƙara wani abu daga saninka. Wani manaja ya taɓa saka hoton sabon sikelin auna mota da suka kafa, na yi masa murna sannan na tambaya ko takardar sikelin tana zuwa wajen akanta kai tsaye ko sai ta bi ta hannun mai sito, domin a nan ne na fi ganin lissafi yana rabuwa biyu. Ya amsa, muka ɗan yi musayar magana, bayan kwana huɗu na tura gayyata ya karɓa a ranar.

Sai kuskuren da ya fi ƙona min rai saboda yana kashe aikin da aka riga aka yi: ana karɓar gayyatarka, ko minti biyar ba a yi ba, ka antayo dogon saƙo da jerin ayyukanka da farashi da roƙon a ba ka minti talatin a yi mitin. Kai da kanka ka san ko a Kwari ba a yin haka, sai an gaisa an tambayi gida da kasuwa. Ɗaya ɓangaren kuma akwai masu turo "Salam" su yi shiru, gobe su turo "Ranka ya daɗe ya aiki", jibi haka, mutum mai aiki a gabansa ba zai iya zama yana jiran ka faɗi abin da ya kawo ka ba. Saƙona na farko ga manajan nan gajere ne, na gaishe shi, na tuna masa maganar sikeli, na ce akwai takarda mai shafi ɗaya da nake amfani da ita wajen haɗa lissafin geti da na sito a ƙarshen kowace rana, idan yana so in turo masa ya gwada. Ban ambaci kuɗi ba. Ya ce in turo. Bayan mako biyu shi ya dawo da kansa ya ce sun gwada sun ga bambancin buhuna a kwana uku cikin shida, yaya za a yi. Daga nan muka koma WhatsApp, na je masana'antar, ya shigar da ni wajen Alhaji, kuma a ofishin Alhaji aka yi maganar kuɗi. Ban taɓa ganin an ƙulla irin wannan kwangilar a cikin akwatin saƙon LinkedIn ba, don haka da zarar magana ta yi nisa ka nemi lambar waya ka nemi a haɗu, kar ka yi ta jan ta a rubuce har ta huce.

Game da abin da ake fostin, ba zan tsawaita ba. Hoton taro da satifiket da kalaman ƙarfafa gwiwa suna kawo layik daga abokai, shi kenan. Abin da ke sa akanta ya tsaya shi ne ka ɗauki matsala ɗaya da ka warware ka faɗi yadda aka gano ta da abin da aka canza, kuma ka sa gundarin maganar a layi biyu na farko tunda sauran yana ɓoye sai an danna. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Amma don Allah a kiyaye amana, kar ka saka sunan kamfani ko hoton takardunsu ko wani bayani da zai sa a gane su ba tare da izini ba, garin nan kowa ya san kowa, kuma manajan da ya ga ka tona asirin wani ba zai buɗe maka littafinsa ba. Ka ce wata masana'antar shinkafa ya wadatar. Fostin guda biyu ko uku mafi kyau ka maƙala su a Featured don wanda ya leƙo ya gan su da farko, kuma duk wanda ka gama wa aiki ya ji daɗi ka roƙe shi ya rubuta maka Recommendation tun abin yana da zafi.

A littafin nan nawa kowane suna yana da layi: ranar da na tura gayyata, ko ya karɓa, ranar saƙon farko, ko ya amsa, da ranar da zan sake taɓa shi. Daga nan nake gane inda ciwon yake. Idan ba a karɓar gayyata to furofayil ne ko kuma ina tura wa waɗanda ba sa shiga. Idan ana karɓa amma ba a amsa saƙo to saƙon ne ya yi kama da talla. Idan ana amsawa ana hira amma ba a kaiwa ga haɗuwa, yawanci da wanda ba shi da ikon cewa a biya nake magana, sai in tambaye shi cikin ladabi wa ya kamata mu shigar cikin maganar. Wanda ya yi shiru ina sake taɓa shi sau ɗaya bayan kamar kwana goma da wani abu sabo mai amfani, idan bai amsa ba in bar shi sai bayan wata uku, in koma kan mutum na biyu da na rubuta a kamfanin.