Darasi: Yadda za a zaɓi intanet na gida ba tare da asara ba

Idan kun shiga ofishin kamfanin sadarwa a Yamai, ko Niger Telecoms ne, ko Airtel, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom, abin da ido ke fara kamawa shi ne kuɗin wata, domin shi ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Amma kuɗin wata kaɗai ba ya gaya muku abin da zai fita daga aljihunku. Lissafin shekara guda shi ne ke faɗin gaskiya.

Mu fara da sanin alamomin da ke kan takarda. Inda kuka ga Mbps, ana nufin sauri. Inda kuka ga Go ko Mo, ana nufin yawan datar da aka ba ku, kuma Go 1 wajen Mo 1,000 ne. Ku ɗauke shi kamar ruwan famfo: sauri shi ne ƙarfin zubar ruwan, data kuwa ita ce girman tanon da aka cika muku. Mbps 10 ya ishi mutum biyu ko uku su kalli bidiyo a lokaci guda. Sai dai idan an rubuta "jusqu'à" kafin lambar, ma'anarsa "har zuwa", wato iyakarsa ke nan. Da dare, lokacin da unguwa duka ta hau, yakan ragu.

Ga misali. Lambobin na koyon lissafi ne kawai, farashin yau sai a ofishin kamfani. Wani tela a unguwar Wadata yana da tsari biyu a gabansa. Na farko akwati ne mai aiki da 4G: kuɗin na'ura sefa 25,000, kuɗin wata 15,000, data Go 60, ba yarjejeniya. Na biyu waya ce ta fibar da ake jawowa har cikin gida: kuɗin haɗawa 50,000, kuɗin wata 20,000, Mbps 10, data ba iyaka, amma sai ya sa hannu a yarjejeniyar wata 12.

Ya ninka kuɗin wata sau 12, ya ƙara kuɗin farawa. Na farko ya tashi 205,000, na biyu 290,000. Yana shirin ɗaukar na farko sai babbar ƴarsa ta ce: “Baba, mu fara duba abin da muke ci a wata.”

Nan ne lissafin ya juya. Kallon bidiyo mai matsakaicin haske na awa guda yakan ci har Go 1, mai tsananin haske kuwa yana iya kai Go 3. A gidan telan ana kallon awa biyu kullum, Go 2 ke nan. Wayoyin gidan, da kiran bidiyo da hotunan ɗinki da yake tura wa masu kaya, suna cin wani Go 1. Go 3 sau kwana 30 ya zama Go 90. Ashe Go 60 ran 20 ga wata zai ƙare. In ƙarin Go 30 yana cin 8,000 kowane wata, a shekara 96,000 ne, sai na farko ya koma 301,000. Mai arahar ya fi mai tsadar tsada da jikka 11.

To amma telan gidan haya yake. Wannan ne wurin da nake so ku fi natsuwa, domin a nan mutane suka fi kuka. In mai gida ya tashe shi bayan wata 6, akwatin 4G sai ya sa shi a jaka ya tafi. Fibar kuwa tana manne da bango. A lokacin ya riga ya biya 170,000, kuma in yarjejeniyar ta ce sai an cika sauran watanni, akwai 120,000 a wuyansa na intanet ɗin da ba zai mora ba. Don haka kafin ku sa hannu, ku ce wa ma'aikacin: “Malam, don Allah nuna mini inda aka rubuta abin da zan biya in na bari kafin lokaci, da kuɗin mayar da waya wani gida.” In karatun Faransanci bai zauna muku ba, ku tafi da wanda kuka yarda da shi ya karanta muku.

Kalmar "illimité", wato ba iyaka, ita ma a tambaya. Wasu tsare-tsaren sukan rage sauri idan an wuce wani adadi na Go, ko da ba a yanke ba. Sannan ku roƙi maƙwabcin da ke da irin akwatin ya bari ku gwada shi a ɗakinku bayan sallar isha'i.

Aikin gida: ku buɗe saitin wayarku wurin da ke nuna datar da aka ci. Ku rubuta ta wata guda, ku haɗa da ta sauran mutanen gidan, ku zo da jimlar a darasi na gaba.