Kurakuran sa wa bidiyo mai kashi-kashi suna

Wata ƙanwata a Ƙofar Ƙaura tana ɗora bidiyon girki a YouTube duk ranar Juma'a, ta kai kashi na 30, sai ta zo tana min ƙorafi wai Yaya in ba ta tura a guruf ba ba mai kallo. Na karɓi wayar na duba, wallahi girkin ba laifi, sunayen ne matsalar.

Ga na kashi na 14: "Assalamu alaikum sabon shirin Girkin Gida kashi na 14 kar ku bari a ba ku labari". To dan Allah me aka dafa? Dambun shinkafa ne fa, amma ko sau ɗaya dambu bai fito a sunan ba. Matar da ke zaune a Daura tana son yin dambu ba za ta taɓa rubuta "kashi na 14" ba, yadda ake dambun shinkafa za ta rubuta, kuma ba ta ma san da wani Girkin Gida ba balle ta neme shi. YouTube haruffa 100 ya yarda a sa a suna, amma a waya ana yanke dogon suna a bar ɗigo uku, kenan duk abin da ki ka tura ƙarshe ya tafi. Muka maida shi "Yadda ake dambun shinkafa da zogale | Girkin Gida 14". Abin da ke canzawa a gaba, sunan shiri da lamba a baya, sallama kuma a cikin bidiyon ake yin ta.

Sai kuma sunan shirin kansa, yau Girkin Gida gobe Girki a Gida jibi Girkinmu na Gida. Ita a wajenta duk ɗaya ne, amma mai neman sauran kashin zai rasa wanne ne wanne. Muka tsaya a kan ɗaya muka zuba su duka a Playlist guda.

Ta yi tsoron in ta gyara sunayen tsofaffin bidiyon, kallon da aka yi zai goge. Ba ya gogewa, adireshin bidiyon ma ba ya canzawa, a YouTube Studio ake shiga a gyara kawai. A nan cikin Analytics muka ga kalmomin da mutane ke rubutawa su faɗo kanta, yawanci ba ƙugiya, danwake maimakon ɗanwake, don haka ta bar ɗanwake a suna ta ƙara danwake a bayanin da ke ƙasa.

Lamba ita ce muka ɗan yi gardama. Ni a ganina in labari ne mai ci gaba ko karatu da sai an bi a jere, lamba dole ce kuma ta matso gaba. Girki kuwa kowane kashi cin gashin kansa yake, wanda ya ga 27 a gaba sai ya ɗauka sai ya kalli 26 tukuna. Ta ce ita dai tana son lambarta, muka bar mata a can ƙarshe.