Darasi na 9: Karanta Rubutun da ke Jikin Ƙwayar Magani

Sau da yawa akan tsinci ƙwaya a aljihu ko a ƙullin leda, babu kwali, babu takarda. Sai a ɗauki hotonta a tura wa wani ya faɗi sunanta. A wannan darasi za mu ga abin da hoto zai iya nunawa, da inda ya gaza.

A ɗora ƙwayar a kan farar takarda, kusa da taga, da rana. Kada a kunna fitilar waya, domin haskenta yana shafe rubutun da aka tona a jikin ƙwaya. A ajiye rula a gefenta don a san girmanta. A ɗauki gaba, a juya a ɗauki baya, saboda wani kamfani yakan sa haruffa a fuska ɗaya, lamba a ɗayar.

Sai karatu. A fara da rubutun, harafi bayan harafi, a kwafa a littafi. Nan ne aka fi tuntuɓe: 0 yana kama da O, 5 yana kama da S, 8 yana kama da B. In kuma ƙwayar ta juye, 6 sai ta koma 9. Bayan haka a duba siffa: zagayayya ce, ko doguwa, ko mai kama da ƙwai? Akwai tsaga a tsakiya? Launi shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi rauni, don farar ƙwaya takan fito ruwan ɗorawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki.

Ga misali. Hoto ya nuna ƙaramar farar ƙwaya mai tsaga, an rubuta 5. Amlodifin na hawan jini yana zuwa a miligiram 5. Haka firednisolon, haka gilibenkilamaid na ciwon suga, kuma dukansu akan same su farare. Idan wanda ba shi da ciwon suga ya sha gilibenkilamaid, sugan jininsa zai iya faɗuwa: gumi, rawar jiki, ruɗewa, har suma. Wani lokacin ma lambar ba ƙarfin maganin take nufi ba, alamar kamfani ce kawai.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a jikin ƙwaya ko kaɗan: ranar ƙarewar aiki da lambar rajistar NAFDAC, waɗanda ke kan kwali ko fakiti. Masu jabu kuwa suna kwaikwayon siffa da rubutu tsaf.

Shi ya sa ake kai ƙwayar kanta, ba hoto kaɗai ba, wurin mai harhaɗa magunguna a asibiti ko famasi mai rajista. Zai gwada ta da wadda ke cikin kwali, ya tambayi wa aka rubuta wa, da wane ciwo, da sauran magungunan da ke gidan. In ya ce bai tabbatar ba, a bar masa ita, kada a sha.

Aikin aji: malami zai nuna hotuna uku. Kowa ya rubuta rubutun gaba da na baya, siffa, da launi. Kada a rubuta sunan magani.