Kurakuran da Muke Yi Wajen Sa Lokacin Taro da Ƴan'uwa na Ƙasashen Waje

Ni ne nake rubuta saƙon kiran taro a gidanmu na Birni, nan Damagaram, saboda Kawu ya ce hannuna ya fi saurin latsa waya. A Fabrairun 2025 muka so mu tattauna gyaran katangar gidan gado kafin damina ta sauko. Mutum huɗu ne ba a yanke magana sai da su: Kawu a nan gida, yayana da ke sayen kaya a Guangzhou ta ƙasar Sin, babbar yayarmu da ke aure a New York, da ƙanenmu da ke karatu a Lyon ta Faransa. Na rubuta musu: "Taro daren Juma'a bayan isha'i, 06/02." A ganina babu maganar da ta fi wannan fita fili. Da lokacin ya yi, ni da Kawu kaɗai muka zauna a tabarma muna kallon waya. Kowane ɗaya cikin ukun nan yana da hujjarsa, kuma duk hujjojin daga saƙona suka fito.

Na farko shi ne "daren Juma'a". Mu da muka tashi a gaban malamai mun san dare ne ke gaba da yini, domin a lissafin Musulunci rana tana kamawa ne daga faɗuwar rana. Idan tsoho a Birni ko Zango ya ce daren Juma'a, daren da za a wayi gari Juma'a yake nufi, wato Alhamis da dare. Haka na nufa, kuma 6 ga Fabrairun 2025 Alhamis ce. Amma ƙanenmu ya daɗe yana aiki da kalandar makaranta, inda rana ke kamawa daga tsakar dare. Da ya ga kalmar Juma'a bai ko duba lambar ba, ya ajiye a ransa cewa Juma'a da dare ne. Ban ga laifinsa ba, domin ko a cikin garin nan za ka samu matasa da ke fahimtar maganar kamar yadda ya fahimce ta. Gyaran shi ne a bar "daren kaza" gaba ɗaya a saƙon taro. A ce "ranar Alhamis, ƙarfe 8 da rabi na dare". Wannan ba ya ɗaukar fassara biyu.

"Bayan isha'i" ma haka take. Alama ce mai kyau ga mutanen da ladani ɗaya ke kira wa salla, amma isha'in wa? A Lyon, lokacin sanyi ana yin ta da wuri, a watan Yuni kuwa sai dare ya yi nisa sosai. Salla ta dace a duba ta wajen zaɓen lokaci, don kada taro ya ci karo da ita, amma abin da za a rubuta ƙarfe ne.

Sai lambar nan, 06/02. A Nijar muna bin tsarin Faransa: rana, wata, shekara. A Amurka wata ake fara rubutawa, sannan rana. A Sin kuma shekara ce a gaba, sai wata, sai rana. Yayarmu ta New York ba ta cika duba rubutu a waya ba, ɗanta da aka haifa a can shi ke shigar mata da alƙawura cikin kalanda. Yaron ya karanta 06/02 yadda aka koya masa a makaranta, ya sa taron 2 ga Yuni. Wata huɗu ke nan a gaba, lokacin da hadari ya riga ya fara haɗuwa a kan katangar da muke son gyarawa.

Abin da ke sa wannan kuskure ya ɓuya shi ne ba kullum yake faruwa ba. Idan ka rubuta 25/02, kowa zai gane, tunda babu wata na 25. Tarkon yana cikin kwanaki 12 na farkon kowane wata ne kawai. Sai mutum ya yi ta rubutawa da lambobi ana fahimtarsa, har ya saki jiki, ran da ya faɗa cikin kwanakin nan kuma abin ya ɓaci. Shi ya sa yanzu nake rubuta sunan wata da haruffa, in haɗa da sunan rana da shekara: Alhamis, 6 ga Fabrairu, 2025. Sunan ranar mai gadi ne. Wanda ya yi kuskuren zuwa 2 ga Yuni zai tarar Litinin ce, ba Alhamis ba, sai ya tsaya ya tambaya. Inda dole sai lambobi, kamar a takardar kamfani, tsarin da ya fara da shekara, 2025-02-06, shi ne ya fi tsira daga ruɗani.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya shi ne na yayana na Guangzhou, domin shi ya fahimci saƙon daidai, lokacin ne bai yi masa adalci ba. Agogon Nijar yana gaban GMT da awa 1, na Sin yana gabansa da awa 8, saboda haka tsakaninmu awa 7 ne, su ne a gaba. Ƙarfe 8 da rabi na daren Alhamis a Damagaram, ƙarfe 3 da rabi ne na tsakar dare a wajensa, kuma Juma'a ta riga ta shiga, 7 ga wata. Ya sa ƙararrawa, barci ya ci ƙarfinsa bayan yinin da ya yi yana zagayen shaguna. Washegari ya kira ni ya ce, "Ƙanena, kai da ka yi boko, ka taɓa lissafa ƙarfe nawa ne a nan?" Ban taɓa ba.

A riƙe wannan: da zarar ƙarfe 5 na yamma ya buga a Damagaram, a Sin tsakar dare ya yi, kwanan wata ya juya. Duk taron da aka sa daga wannan lokaci zuwa dare, ranarsa biyu, ɗaya tamu, ɗaya tasu. Ta ɓangaren yamma abin juyawa yake yi. Ƙarfe 5 na asuba a nan, lokacin sanyi, ƙarfe 11 ne na daren jiya a New York. Daga nan ne "gobe" da "jibi" suke zama haɗari, musamman a saƙon murya na WhatsApp. Ka ce "gobe" da magariba, mai sauraro a Guangzhou ya buɗe saƙon da safiyarsa, gobensa ta zama jibinka.

Wasu kan san yawan awannin amma su juya lissafin, su rage inda ya kamata su ƙara. Hanyar da Kawu ya koya mini ta fi ta littafi sauƙi: rana daga gabas take fitowa, mutanen gabas sun riga mu ganinta, don haka agogonsu na gaba. Makka tana gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, a ƙara. Akra, Abijan, Wagadugu da Lome suna bayanmu da awa 1, a rage. Kano, Kwatano da Njamena kuwa agogonmu ɗaya da su.

Da muka sake sa taron, sai na fara da tambayar wane lokaci ne kowa yake ido biyu. Na Sin ba ya son ya wuce ƙarfe 11 na darensa, wato ƙarfe 4 na yamma a nan. Yaya ba ta samun kanta kafin ƙarfe 8 na safiyarta, kuma a Fabrairu New York tana bayanmu da awa 6, wato ƙarfe 2 na rana a nan. Tagar da ta rage ke nan, daga 2 zuwa 4, tsakanin azahar da la'asar. Na zaɓi ƙarfe 3, ranar Lahadi da ba makaranta ba aiki, na rubuta haka:

Taron gyaran katanga: Lahadi, 9 ga Fabrairu, 2025, ƙarfe 15:00 agogon Nijar.
Lyon: Lahadi, 15:00 (3 na yamma).
New York: Lahadi, 09:00 (9 na safe).
Guangzhou: Lahadi, 22:00 (10 na dare).
Kowa ya maido mini da rana da ƙarfen da ya fahimta a agogonsa.

Layin ƙarshen nan ya fi "kun gane?" amfani nesa ba kusa ba, domin kowa yana amsa "na gane" ko da abin da ya gane daban ne. Na kuma maimaita sunan rana a kowane layi duk da ɗaya ce, saboda ran da ta bambanta ido ya riga ya saba dubawa. Rubutun awa 24 da muka saba da shi a Nijar yana raba safe da dare ba tare da AM da PM ba. Ƙarfe 12 na dare kuwa, a guje masa a matsayin lokacin taro. Ba wanda zai rantse ko na farkon ranar ake nufi ko na ƙarshenta.

Taron ya yiwu, muka amince mu riƙa zama duk wata a wannan lokaci. A nan kuskure na ƙarshe yake jira. Agogon Nijar ba ya motsi duk shekara, na Sin ma haka, shi ya sa ba mu saba tunanin agogo na iya tashi ba. Faransa tana tura nata gaba da awa 1 a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mai da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. New York tana turawa a Lahadi ta biyu ta Maris, ta mai da shi a Lahadin farko ta Nuwamba. A 2025 an yi canjin Amurka 9 ga Maris, na Faransa 30 ga Maris. Cikin makonni ukun da ke tsakani, ƙarfe 15:00 namu ya zama 10:00 a New York, Lyon kuwa tana nan a 15:00. Daga 30 ga Maris ta koma 16:00. Da na kwafi saƙon Fabrairu na sake turawa, da Yaya ta shiga taro awa guda kafin kowa, ta jira ta gaji ta kama aikinta.

Agogon garuruwa da ke cikin waya yana taimakawa, amma bambancin yau kawai yake nunawa, ba na ranar taro ba. Idan taron yana bayan canjin agogo, a shigar da shi cikin kalandar waya a ainihin ranarsa a aika wa kowa gayyata, ita za ta nuna wa kowa da agogon garinsu, muddin wayar tasa tana kan agogon inda yake. Mu dai mun tsayar da cewa agogon Nijar ne tushe, tunda shi ba ya canzawa kuma Kawu a kansa yake. Duk Maris, Oktoba da Nuwamba nakan sake lissafa layin Lyon da na New York kafin in tura saƙo.