Yadda ake sa wa fuska gemu a Photoshop ya zauna kamar nan ya tsiro

Wani ango daga Kaura Namoda ya taɓa shigowa shagona a Gusau da hoton ɗaurin aurensa a waya. Ana gobe biki mai aski ya zarce masa saje a gefe guda, garin gyara ya ƙara ɓatawa, dole aka kwashe gemun duka. Ya ce da ni, "Maigida, wanda za a rataya a ɗakin amarya ne. Don Allah a maido min gemuna yadda ta san ni." Da wannan aikin zan nuna hanyar da nake bi. Hoton ɗaki ne dai, ba na fasfo ko katin shaida ba, waɗannan ba a taɓa su.

Kafin in taɓa kwamfuta na ce ya turo min tsohon hotonsa mai gemu. Kowane mutum da iyakar da gashinsa yake tsayawa a kumatu, akwai inda ya cika, akwai inda ya yi tsilli-tsilli. In ka zana gemu da ka, mai kyau za ka zana, amma 'yan gidansu suna gani za su ce ba shi ba ne.

Mataki na farko inuwa ce, ba gashi ba. Nan yawancin masu koyo ke tuntuɓe: su hau zuba gashi a kan fatar da aka aske tana ƙyalli, sai gemun ya fito kamar an manna shi da gam. Gemu na gaske yana tare haske, fatar ƙarƙashinsa ba ta sheƙi. Buɗe sabuwar leya da Ctrl+Shift+N, ka mai da ita Multiply. Ɗauki buroshi mai laushin baki, ka danne Alt ka tsinci launi daga girar mutumin ko gashin kansa, ka sauke Flow zuwa 5%. Shafa a hankali daga gaban kunne, ka bi muƙamuƙi zuwa haɓa, sannan saman leɓe. Ya fi duhu a haɓa da ƙasan muƙamuƙi, yana dusashewa in ya hau kumatu. Ni nakan bar Opacity na wannan leya tsakanin 30% da 40%. In ka ja baya ka ga fuskar ta yi kamar ta wanda ya kwana biyu bai yi aski ba, ka samu.

Sai buroshin gashi. Kada ka wahalar da kanka da waɗanda ake saukewa a intanet. Akasarinsu gashi ne miƙaƙƙe dogo, gemun mutanenmu kuwa gajere ne mai nannaɗewa, kowane sili yana lanƙwasa kamar ƙugiya. Yi naka. Mai da Flow 100%, ka buɗe sabon fayil fari, fiksel 200 tsawo da faɗi, ka zana sili ɗaya baƙi mai ɗan lanƙwasa, ya sirance a ƙarshe. Zana shi a kwance, daga hagu zuwa dama, dalilin zai fito nan gaba. Je Edit > Define Brush Preset ka ajiye.

Danna F5, akwatin Brush Settings ya buɗe. A Brush Tip Shape ka kai Spacing wajen 60% don silin su rabu da juna. A Shape Dynamics ka sa Size Jitter 40%, domin babu gemun da gashinsa ya zo tsawo ɗaya. Ƙarƙashin Angle Jitter akwai Control, zaɓi Direction. Wannan shi ne zuciyar aikin: duk inda hannunka ya nufa, can silin zai kwanta. Shi ya sa aka zana shi a kwance, in a tsaye ka zana zai riƙa gitta layin da kake ja maimakon ya bi shi. Kunna Flip Y Jitter don lanƙwasar ta riƙa juyawa, a Scattering kuma ka sa alama a Both Axes ka kai shi wajen 150%.

Girman sili fa? Gwada shi a gefen gira. In ya fi gashin gira kauri sosai, rage. Gashin gemu ya ɗan fi kauri, amma kaɗan ne.

Yanzu zuba gashi a sabuwar leya, Normal, da launin da ka tsinta a gira. Kada ka yi amfani da baƙi ƙirin, da wuya ka same shi a hoton da aka ɗauka da hasken rana. Gashin baki yana tashi daga ƙarƙashin hanci ya gangara ƙasa, yana buɗewa hagu da dama zuwa kusurwar baki, don haka a nan Angle Jitter kada ya wuce 10%. Saje yana sauka daga kunne ya ɗan karkato gaba wajen haɓa. A haɓa gashi ya fi cukuikuyewa, ƙara Angle Jitter zuwa 30%. Ƙarƙashin leɓen ƙasa akwai ɗan tsiro a tsakiya, gefensa biyu galibi fili ne ko gashi kaɗan, kada ka cike su. Ja gajere-gajere, kana ɗaga hannu. Ja ɗaya dogo daga kunne zuwa haɓa yakan bar layi kamar ɗinkin keke.

Cika ma ba ɗaya ba ce. Haɓa sau uku ko huɗu nake bi, muƙamuƙi sau biyu, saman kumatu sau ɗaya da ƙaramin sili, har fata tana leƙowa. A gefen muƙamuƙi bar wasu silin su ɗan fita waje su hau kan wuyan riga ko bango. Gemun da ya tsaya cak a kan layin fuska yana tona asirin mai aiki.

Angon nan yana da tsagar gado a kumatu, kamar yadda ake yawan gani a Zamfara da Kebbi. Tabo ba ya fid da gashi. Na sa Layer Mask na share silin da suka hau kan tsagar da baƙin buroshi siriri, na bar na gefenta suna ɗan rufe bakinta. A tsohon hotonsa ma haka take, layi-layi a cikin saje. Da na rufe ta, da mahaifiyarsa ce za ta fara ganewa.

A fata mai duhu, baƙin gashi kan baƙar inuwa yakan dunƙule ya zama kamar shafen gawayi. Abin da ke raba silin shi ne ɗan hasken da ke sauka a bayansu. Duba ta ina haske ya bugi fuskar, goshi da karan hanci za su gaya maka. A hoton angon daga hagu yake. Na buɗe leya ta uku, na tsinci launi daga inda gashin kansa ya fi haske, toka-toka mai ɗan ruwan ƙasa, na watsa silin kaɗan a hagu kawai, Opacity 50%. In ka yawaita, ka sa wa saurayi furfura.

Saura daidaita kaifi. Danna Ctrl+1 ka kwatanta gemun da gira. Hoton waya ba shi da kaifin buroshi, don haka gashinka zai fi komai fitowa tar. A leyar gashi, je Filter > Blur > Gaussian Blur, ka fara da 0.4 kana ƙarawa har ya yi daidai da gira. A na angon 0.6 ya isa. In fatar tana da ɗan tsakin kyamara, bi da Filter > Noise > Add Noise, 1% ko 2%, da alama a Monochromatic.

Gwajin ƙarshe, rage hoton ya koma girman da zai fito a waya, ka riƙa kashe leyoyin kana kunnawa. Na angon, da na rage sai na ga sajen dama, ɓangaren inuwa, ya fi na hagu haske. Na koma leyar Multiply na ƙara shafa biyu a wurin, sannan na tura aka wanko.